Yayana ya sake neman rance, ni kuma babu hali a wannan watan

TAMBAYA

Ni malamin makarantar sakandare ne a Funtuwa. Ina da mata da 'ya'ya uku, kuma maiɗakina tana da juna biyu, ana sa ran haihuwa a watan Nuwamba. Albashina naira 118,000 ne. Ina da wa, ɗan baffana ne, amma gida ɗaya muka tashi, domin bayan rasuwar mahaifina Baffa ne ya riƙe ni har na gama karatu, Allah ya jiƙansa. Yaya yana tuƙa Keke Napep da ya karɓa a kan zai riƙa biya a hankali har ta zama tasa. A cikin wata 14 ya ranci kuɗi a wurina sau bakwai, jimlarsu naira 163,000, ya dawo mini da 40,000. Ban taɓa tambayarsa sauran ba.

Ranar Litinin ya kira ni ya ce injin keken ya buga, makanike yana neman naira 30,000. Na ce masa bari mu gani. Gaskiya akwai naira 45,000 da na tara saboda haihuwa, ga kuma kuɗin makarantar yara na wannan zango. Na haɗo muku da lissafin abin da nake kashewa a wata. Yau kwana biyu ke nan ina ganin kiransa ba na ɗauka, dare kuma ba na iya barci. Ta yaya zan ce masa babu ba tare da na zama butulu ba?

Wani malamin makaranta, daga Funtuwa

AMSA

Malam, Allah ya sauki maiɗakinka lafiya, ya jiƙan Baffa da mahaifinka.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kwana biyun nan da ka yi ba ka ɗaukar waya. A wurinka kara ce kake yi masa, kana jin nauyin ka buɗe baki ka ce babu. A wurinsa kuwa kwana biyu ne keke tana ajiye a garejin makanike, babu abin cefane, mai keke yana ƙirga kwanaki, shi kuma bai nemi kowa ba saboda ƙaninsa ya ce bari mu gani. Ai ka san yadda muke jin wannan kalma. Idan wanda ya saba ba ka ya ce bari mu gani, kai a zuciyarka an gama, ranar karɓa kawai kake jira. Duk wayewar garin da ka ƙara ba ka faɗa masa ba, ka rage masa damar da zai nema a wani wuri, kuma ranar da ka faɗa zai haɗa ɓacin rai biyu, na rashin samu da na jiran banza.

Na taɓa yin wannan kuskure da ƙanwar mahaifiyata. Ta nemi in ranta mata kuɗin taki, na ce zan duba, alhali tun a lokacin na san babu. Kwana tara tana jirana. Da na je na faɗa mata, ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Da ka faɗa mini tun ranar, da na sayar da akuyata a kasuwar da ta wuce.” Lokacin zuba takin ya riga ya kusa shigewa. Har yau idan na tuna yadda ta faɗi maganar a hankali, tana gyara bakin zanenta, sai in ji kunya ta rufe ni. Saboda haka ka je gobe. Kada ka bari a kai Juma'a.

Kafin ka je, mu duba lissafin da ka aiko, domin mutumin da bai tabbatar wa kansa cewa ba zai iya ba, da an matsa masa kaɗan zai karaya. Ka ce abinci yana cin 55,000, zirga-zirgarka zuwa makaranta 16,000, adashin da kake zubawa saboda kuɗin haya 15,000, abin da kake kai wa Inna 10,000, wuta da ruwa da katin waya 8,000. An kai 104,000 ke nan, saura 14,000. Kuɗin makarantar yara biyu na wannan zango 21,000 ne. Ka ga tun kafin Yaya ya kira ka, kai kanka kana da giɓin 7,000 da ba ka san inda za ka cike shi ba. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Na san 45,000 ɗin nan ne ke hana ka barci. Kana ganin muddin suna nan, idan ka ce babu ka yi ƙarya. To, kuɗin nan suna da mai su. Na maiɗakinka ne da abin da ke cikinta, amana ce kawai a hannunka. Ciyar da iyali da kula da lafiyarsu wajibi ne a kanka, ba da rance kuwa alheri ne da ake so ga mai hali, kuma ba a ajiye wajibi a ɗauki abin da bai kai shi ba. Idan ka cire 30,000, saura 15,000 ga haihuwar da ba wanda ya san yadda za ta zo. Idan dare ya yi aka ce a nemo jini, ko a yi aiki, wa za ka kira? Kuma ka dubi tarihin rancen da idon basira. Cikin kowace naira huɗu da ka ba shi, kusan ɗaya ce ta dawo. Babu dalilin da zai sa ka yi tsammanin waɗannan za su dawo kafin Nuwamba.

Wannan ne ya sa kalmomin da za ka zaɓa suke da muhimmanci. Kada ka ce ba ka da ko sisi, kada kuma ka yi rantsuwa a kai, domin ba haka ba ne. Ka ce ba za ka iya ba. Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma ko gobe ya ji labarin kana da ajiya, maganarka tana nan a tsaye. Kada ka ce ba a yi albashi ba. Mai tuƙa keke yana ɗaukar ma'aikata kullum, ya fi ka sanin ranar da albashi ya shiga. Ban da haka, wanda ya ce ba a yi albashi ba ya yi alkawari ke nan a fakaice, domin amsar da zai samu ita ce, to, in an yi sai ka turo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a cikin dangi kuwa ya fi ƙurewa da wuri, tunda matarka da matarsa suna haɗuwa a gidan suna.

Ka tafi da ƙafarka. Kada ka aika saƙo ta waya, kada ka aiki yaro, kada kuma ka sa Inna ta faɗa masa. Wanka ne, ya girme ka, a gidan ubansa ka tashi, ya cancanci ya ji daga bakinka. Ka zaɓi lokacin da za ka same shi shi kaɗai, kamar bayan sallar isha'i a ƙofar gida ko a zaure. Kada ka yi maganar a majalisa, ko a gaban matarsa da 'ya'yansa. Mai neman rance ya riga ya zubar da wani abu na girmansa tun da ya buɗe baki, kada ka ƙara masa da 'yan kallo. Ku gaisa sosai kamar yadda kuka saba, ka tambayi iyali, ka jajanta masa a kan keken. Amma kada ka ja gaisuwar har ya ɗauka kuɗin ka kawo. Da an natsu sai ka ce wani abu mai kama da wannan:

“Yaya, na zo ne a kan maganar da ka yi mini ranar Litinin. Da farko ka yafe mini rashin ɗaukar waya, nauyinka ne ya hana ni. Na zauna na yi lissafi, wannan karon ba zan iya ba. Kuɗin makarantar yara ya zo, ga haihuwa a gabanmu. Kuma gaskiya har a yi suna ba na jin zan samu sarari. Na ga gara in zo in faɗa maka da bakina don kada ka zauna kana jirana.”

Ka lura na sa maka maganar har a yi suna. Idan ka tsaya a kan wannan watan kawai, kunnensa zai ji cewa wata mai zuwa akwai, alhali kai ka san watanni masu zuwa sun fi wannan nauyi. Gara ka sha ɗacin sau ɗaya.

Idan ka gama, ka yi shiru. A nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Zai sunkuyar da kai, ko ya ce to, Allah ya rufa asiri, sai wurin ya yi tsit, kai kuma ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Cikin wannan shirun ne bakinka zai so ya ce, amma bari in ga ko zan samo rabi. Ka riƙe harshenka. Shirun ba zai wuce minti ɗaya ko biyu ba, alkawarin da za ka yi don ka kore shi kuwa zai bi ka har wata uku. Kada kuma ka shiga zayyana masa lissafinka dalla-dalla kamar yadda ka zayyana mini. Dalili biyu da ka ba shi sun isa. Idan ka baje masa komai, ka ba shi damar ya taya ka gyara lissafin ne: ai adashin nan za ka iya roƙon a ɗaga maka, ai makarantar za su yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. Daga nan zance ya koma ciniki, kuma ƙani ba ya cin wansa a ciniki.

Abu ɗaya da nake roƙonka da shi: kada sunan maiɗakinka ya fito a matsayin wadda ta hana. Maza da yawa suna fakewa da cewa ai kuɗin suna hannun mai ɗaki, ko ita ce ba ta yarda ba. Kai za ka tashi ka tafi da sauƙin rai, ita kuma ka bar ta da baƙin jinin dangin miji na shekaru, a ce tun da ya auro ta ya canza. Hukuncin naka ne, ka ɗauke shi a kanka.

Yanzu ga abin da zai iya biyo baya. Mai yiwuwa ya sauko, ya ce ko 10,000 ce ka taimaka a fara aikin. Ka riga ka san kana da giɓin 7,000, saboda haka amsar ba ta canza ba: “Yaya, da akwai da ban bari ka tambaya sau biyu ba.” Ka maimaita maganarka ta farko cikin ladabi, kada ka ƙirƙiro sabon dalili, domin duk sabon dalili sabuwar ƙofa ce. Mai yiwuwa kuma ya ce ka karɓo masa a ƙungiyar ma'aikata ta makarantarku, ko wurin masu ba da bashi ta waya, shi zai riƙa biya. Wannan ya fi ba shi kuɗin haihuwar haɗari. Bashin da sunanka za a rubuta shi, daga albashinka za a riƙa cira, kai za a riƙa kira idan an makara, ga kuma kuɗin ruwa da ke kan irin na wayar nan, wanda ka san hukuncinsa. Haka nan idan aka ce ka tsaya masa a wurin wani. Wanda ya tsaya wa mai bashi, shi ake kamawa ranar da aka rasa biya.

Mafi zafi shi ne ya ambaci Baffa, ko ya ce yanzu ka zama ma'aikaci ka manta. Idan haka ta faru kada ka yi musu, kada kuma ka ɗauko lissafin sau bakwai ka jefe shi da shi. Ka ce, “Alherin Baffa ba zan taɓa iya biyansa ba, Yaya, kullum yana cikin addu'ata. Rashin hali ne ya kawo wannan.” Ka tsaya a nan. Ni a ganina mutumin da ya buɗe hannu sau bakwai a wata 14 da albashin malamin makaranta ba a kiransa butulu. Kuma Baffan da ya ɗauki maraya ya riƙe don kada ya tagayyara, ba zai so a bar matar marayan nan a ɗakin haihuwa babu kuɗin magani ba.

Ka yi wa Yaya adalci a zuciyarka kuma. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ƙara tashi, kayan gyara suka bi ta. Mai tuƙa keken da ke biyan kuɗin mai ita a kan kari yana cikin matsi na gaske. Mutumin da ya dawo da 40,000 ba tare da an tambaye shi ba, ba macuci ba ne, wanda ruwa ya kusa cinyewa ne. Idan ka je da wannan tunanin, muryarka za ta yi laushi da kanta. Ka duba Suratul Isra'i daga aya ta 26 zuwa ta 29. A wuri ɗaya aka yi umarni da ba ɗan'uwa haƙƙinsa, aka koyar da cewa wanda ba shi da abin bayarwa a lokacin ya sallami mai nema da magana mai daɗi, aka kuma hana ƙanƙame hannu da sakinsa gaba ɗaya har mutum ya koma abin zargi. Halin da kake ciki an san da shi, an kuma ba shi mafita.

Rashin kuɗi bai hana ka yi masa wani abu ba, zumunta a ƙafa take. Ka ce masa ranar Asabar za ka raka shi wurin makanike. Ku sa a raba muku kuɗin gida biyu, nawa ne na kayan da za a saya, nawa ne na aikin hannu. Sau da yawa makanike yakan yarda a biya kuɗin kaya yanzu, na aikinsa kuma a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan idan keke ta hau titi. Daga nan ku wuce wurin mai keken. Shi ma asara yake yi duk ranar da take ajiye, don haka ba abin mamaki ba ne ya yarda ya ɗaga wa Yaya biyan mako biyu, ko ya sayi kayan gyaran ya ɗora a kan sauran kuɗin da yake bi. Zuwan malamin makaranta tare da shi yana ƙara wa maganarsa nauyi. Sai dai ka faɗa a fili tun a zaman cewa rakiya ka yi, ba tsaya masa ka zo yi ba. Idan kuma akwai hatsi a gidanka da za ka iya ɗibar kwano biyu ba tare da tukunyarku ta ji ba, ka aika wa iyalinsa, ka ce na yara ne. Idan babu, kada ka ƙaƙaba wa kanka.

Kafin ka je wurinsa, ka biya ta wurin Inna ka shaida mata abin da za ka yi da dalilinsa, a taƙaice, ba da sigar kai ƙara ba. A gidajenmu labari yakan tsaya ne a yadda wanda ya fara kai shi ya faɗa. Idan ta fara ji daga wani bakin cewa ka hana ɗan Baffa kuɗi alhali kana da ajiya, za ta kira ka cikin ɓacin rai, kuma umarnin uwa ya fi roƙon wa wuyar kaucewa. Idan kuwa ta ji daga gare ka cewa kuɗin haihuwar jikanta ne, ita za ta tare maka sauran dangi.

Saura tsohon bashi, naira 123,000, wanda ya fi albashinka na wata guda. Kada ka taɓo shi a wannan zaman. Wanda aka ce wa babu, sannan aka tuna masa abin da ake binsa, zai ɗauka hukunta shi ake yi. Amma kada ka bar shi har abada a yadda yake. Idan ka raba kuɗin nan a kan wata 14, za ka ga kusan 8,800 kake ba shi kowane wata. Kyauta ce kake yi da sunan rance, kuma wannan suna yana cutar da ku duka biyu. Kai kana ƙirgawa a zuci kana jin ciwo, shi kuma yana yawo da bashi a wuyansa, ga shi mun san yadda addini ya tsananta a kan wanda ya mutu da bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, aya ta 280 kuma ta yi maganar jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta nuna yafewa ta fi alheri. Bayan an yi suna, hankali ya kwanta, keke ta koma aiki, ka same shi ku yi ɗaya daga cikin biyu. Ko ku rubuta, ya riƙa kawo 5,000 a wata, wanda zai ɗauke shi wata 25 kafin ya gama. Ko kuma, idan zuciyarka ta yarda da gaske, ka yafe masa duka ko wani kaso, ka furta masa da baki don ya san ya sauke. Daga ranar sai ka yanke wa kanka abin da za ka iya ba shi kyauta idan ya shiga matsi, ko 3,000 ce ko 5,000, ka daina kiransa rance.

Abu ɗaya ne zai sa in canza wannan shawara. Da a ce Yaya ya kira ka ne daga asibiti, ɗansa yana kwance ana neman kuɗin jini a daren, da na ce ka taɓa ajiyar, gari na wayewa ka tara dangi a mayar maka. Injin keke zai iya jiran mako guda a nemi hanya.

Ka sa rai zai ɗan ja jiki. Wataƙila ya yi mako biyu ko uku bai kira ka ba, gaisuwarsa ta gajarce. Kada kai ma ka ja naka jikin don kunya, domin a nan ne zumunci yake tsinkewa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Ka ci gaba da zuwa gaishe shi ranar Juma'a kamar yadda ka saba, ka tambaye shi inda aka kwana a kan gyaran. Ranar da maiɗakinka ta sauka kuma, bayan Inna, shi za ka fara kira, ka ce masa, “Yaya, an yi maka ɗa,” ko “an yi maka 'ya,” ka kuma roƙe shi ya zo ya tsaya a kan sha'anin suna a matsayinsa na babba.